Waƙar Da Aka Ce Ba Ta Da Uba

Akwai maganganu biyu da suka zama ruwan dare a bakin masu haɗa bidiyo don neman kuɗi a YouTube da makamantansa. Ta farko ita ce, "Ai waƙar gargajiya ce, ba ta kowa ba ce." Ta biyu kuwa, "Ai sakan 30 kawai na yanko, kuma na rubuta sunan mai ita a ƙasa." Duk biyun suna da daɗin ji, suna kuma kwantar da hankalin mai faɗinsu, amma babu wadda za ta tsaya a gaban doka, babu kuma wadda manhajar YouTube ta san da ita. Abin da ya fi damun mu shi ne maganar farko, domin kalmar "gargajiya" ta zama wani mayafi da ake lulluɓa wa waƙa idan ana so a ci moriyarta ba tare da an tambayi daga wane gida ta fito ba. Akwai wani mutumin Afirka ta Kudu da wannan mayafi ya rufe wa suna shekaru masu yawa, kuma labarinsa ya isa darasi.

A 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Gallo a birnin Johannesburg tare da ƙungiyarsa ta Evening Birds, suka rera wata waƙa da ya tsara mai suna "Mbube", wato zaki. Faifan ya karɓu ƙwarai a ƙasar. Abin da aka rawaito an ba shi ladan aikinsa sule goma ne, haƙƙin waƙar kuwa ya koma hannun kamfanin. Bayan shekara goma da 'yan kai faifan ya tsallaka Amurka, ya faɗa hannun mawaƙi Pete Seeger. Seeger ya ɗauka tsohuwar waƙar Zulu ce da aka gada kaka da kakanni. Ƙungiyarsa ta The Weavers ta sake rera ta da sunan "Wimoweh", sunan da ya samo asali daga kuskuren jin kalmar Zulu, aka kuma rubuta "Paul Campbell" a gurbin marubuci. Babu wani mutum mai wannan suna a cikinsu. Sunan aro ne da suke liƙa wa waƙoƙin da suka ɗauka na gargajiya ne, domin su riƙa karɓar ladan gyaran da suka yi musu.

A 1961 aka sa mata baitocin Turanci, ƙungiyar The Tokens ta fitar da ita da sunan "The Lion Sleeps Tonight", ta kai matsayi na ɗaya a Amurka. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A 1994 waƙar ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney. Sai a shekarar 2000 ɗan jarida Rian Malan ya bi diddigin lamarin a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta cewa waƙar ta tara wa wasu kimanin dala miliyan 15. A 2004 aka shigar da ƙara a madadin magadan Linda, lauyoyinsu suka dogara da wata doka ta zamanin mulkin mallaka ta 1911 wadda ta ce haƙƙin da marubuci ya sayar yana komawa ga magadansa shekara 25 bayan rasuwarsa. A 2006 aka yi sulhu, aka biya iyalansa, aka kuma amince a riƙa ambaton sunansa cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Abubuwa biyu muke so a riƙe daga wannan labari. Na farko, Seeger bai tashi da niyyar sata ba, ya dai ji waƙa cikin harshen da bai sani ba, ya yanke mata hukuncin cewa ta gargajiya ce, alhali mai ita yana raye yana aikin ƙarfi a kamfanin da ya buga faifansa. Na biyu, wanda aka kai kotu Disney ne, kuma Disney yana da izini a rubuce daga kamfanin Abilene Music na Amurka. Takardar ba ta hana a kai shi ƙara ba, domin an yi jayayya a kan ko wanda ya ba da izinin yana da ikon bayarwa a Afirka ta Kudu. Ashe samun izini bai wadatar ba, sai an tabbatar daga hannun wa ya fito.

Yanzu mu dawo gida, mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce mun haɗa bidiyo mai tsawon minti 12 a kan yadda bikin aure ya sauya a ƙasar Hausa, mun kuma kunna masa talla don ya kawo kuɗi. A cikinsa mun yi aro uku. Mun sa wasu mata sun rera waƙar gaɗa irin ta dandali, mun ɗauka da wayarmu. Mun ɗora sakan 40 na wata waƙar Alhaji Mamman Shata a ƙarƙashin hotunan ango da abokansa. Sannan mun yanko minti ɗaya daga wani fim ɗin Kannywood inda ake kai amarya. A idon mai kallo duk abu ɗaya ne, al'ada ce tamu. A idon Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kowanne da nasa hukunci.

Mu fara da Shata, tunda a kansa aka fi yin kuskure irin na Seeger. Kiɗan kalangu na gargajiya ne, wannan gaskiya ne, amma waƙar Shata ta Shata ce. An san wanda ya tsara baitocin, an san muryar da ta rera su. Doka tana kare waƙa tsawon rayuwar mai ita da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Shata ya rasu a 1999, ke nan baitocinsa da karin waƙarsa suna da kariya har ƙarshen 2069. Barmani Choge ta rasu a 2013, nata sai ƙarshen 2083. Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015, nasa sai ƙarshen 2085. Duk wanda ya kira waɗannan waƙoƙi "na kowa" ya yi wa magadansu abin da aka yi wa 'ya'yan Linda.

Sai dai a kowace waƙa da aka naɗa akwai dukiya biyu a haɗe. Akwai waƙar kanta, wato baiti da kari, akwai kuma naɗin, wato wannan sautin da aka ɗauka a wata rana a wani wuri. Naɗin yana da nasa mai shi, galibi wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar, kamfanin faifai ko gidan rediyo ko wani mutum, kuma kariyarsa shekara 50 ce daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Faifan da ya fito a 1972, alal misali, kariyar naɗinsa ta ƙare a Najeriya a ƙarshen 2022, amma waƙar da ke cikinsa tana nan da mai ita. Wanda ya fito a 1985 kuwa ƙofa biyu za a ƙwanƙwasa, ta magadan mawaƙi da ta mai naɗin. A nan ne wata al'adarmu take ruɗa mutane. Muna cewa "waƙar Alhaji wane" muna nufin wanda aka wasa a cikinta, har jikokinsa su ga kamar gadonsu ce, su ce sun yarje a yi amfani da ita. Wanda aka yi wa waƙa bai mallake ta ba don ya ba da doki ko mota, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta mayar masa da haƙƙin. Izininsa karamci ne, amma ba zai tsaya mana a gaban alƙali ba.

Sakan 40 ɗin fa, ba su yi kaɗan ba? Babu wata doka da ta yanka adadin sakan da aka yafe, ko 30 ko 10 ko 5. Abin da dokar ta tanada shi ne sassauci ga aron da aka yi bisa adalci don wasu manufofi, kamar nazari, sharhi, ba'a da kawo rahoton labarai. A wajen sharhi da rahoto ana son a ambaci aikin da mai shi. Ana kuma duba abu huɗu: manufar aron, irin aikin da aka ara, yawan abin da aka ɗauka da muhimmancinsa, da kuma ko aron zai taɓa kasuwar mai aikin. Idan muka auna bidiyonmu da wannan ma'auni, Shata ya faɗi. Ba mu ce komai a kan waƙar ba, mun sa ta ne don ta ƙawata hotuna, kamar yadda ake zuba yaji a tuwo. Rubuta sunansa a ƙasa ladabi ne, amma wanda ya hau keken maƙwabci bai tambaya ba, ko ya yi ta shelar sunan mai keken, bai zama ya aro ba.

Yankin fim ɗin kuwa zai iya tsira, zai iya faɗuwa, ya danganta da abin da muka yi da shi. In mun nuna sakan 15, muka tsayar da hoton, muka ce a dubi kayan ɗakin nan, a dubi yadda darakta ya mayar da kai amarya gasar motoci, sannan muka kwatanta da abin da ake yi a gari, to wannan sharhi ne, kuma yankin ya zama hujjar maganarmu. In kuwa mun sake shi ya yi minti ɗaya cur muna shiru, mai kallo yana jin daɗin wasan, mun ciyar da baƙinmu da tukunyar wani. Hanya mai sauƙi ta gane bambancin ita ce a cire yankin a gani. In maganarmu ta rushe don ta rasa abin da take nunawa, aron sharhi ne. In bidiyon ya rage armashi kawai, ado ne, ado kuwa sai an nemi izinin furodusa.

Saura waƙar gaɗa, wadda ita ce ta gargajiya ta gaskiya: ba a san wadda ta fara ta ba, kowane gari da yadda yake juya ta. Ko ita ba a sake take ba. Dokar ta ware babi na musamman ga kayan al'adun gargajiya, waƙoƙi da tatsuniyoyi da raye-raye da sauransu. Ta hana a kwafe su, ko a watsa su, ko a sauya su don kasuwanci ko a wajen muhallinsu na al'ada ba tare da izini ba, ta kuma ɗora ikon ba da izinin a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Ta yi sassauci ga koyarwa da kuma wanda ya ari wani abu daga gargajiya don ya gina sabon aiki nasa, ta kuma buƙaci a ambaci al'umma ko wurin da aka samo abin. Bidiyonmu na sharhi da ya ɗanɗana wa mai kallo waƙar ya fi kusa da wannan sassauci. Tashar da ba ta da aiki sai tara waƙoƙin gaɗa tana cin kuɗin talla kuwa ta shiga tsakiyar abin da aka hana. Sannan matan da suka rera suna da haƙƙi a kan muryarsu, dole su san cewa za a ɗora, kuma za a sami kuɗi.

Muna da ƙorafi a kan wannan babi. Ya yi daidai da ya ƙi yarda cewa gargajiya dawa ce wadda kowa zai shiga ya sari itace. Amma ya miƙa mabuɗin ga hukuma, alhali waɗanda suka raya waƙar su ne 'yan matan da suka yi ta tafa ta a dandali da iyayen da suka koya musu. Mai tasha a Funtuwa ko Azare da ke son yin abin da ya dace zai fi gane tafiya wurin tsofaffin unguwa da goro a hannu fiye da rubuta wa ofis takarda, kuma a ganinmu su ne suka fi cancanta a tambaya. Dokar da ta kare waƙa amma ba ta sa masu waƙar a gaba ba ta yi rabin aiki.

Duk wannan maganar doka ce. A aikace, wanda zai fara tare bidiyonmu wata manhaja ce da YouTube ya ƙaddamar a 2007 mai suna Content ID. Mu da sana'armu rubuta manhaja ce mun san iyakar irin wannan na'ura, kuma ya kamata kowa ya sani. Masu haƙƙi, ko kamfanonin da ke rarraba musu waƙoƙi, suna ɗora sautinsu a rumbun YouTube. Manhajar takan tsamo wasu alamomi daga sautin, kamar inda amo ya yi ƙarfi da tazarar da ke tsakani, ta ajiye su tamkar zanen yatsa. Duk bidiyon da aka ɗora sai an gwada shi da wannan rumbu. Shi ya sa dabarun rage murya ko juya hoto ba su cika aiki ba, kuma tana iya gane karin waƙa ko da wani ne ya sake rerawa. In ta sami dacewa, sai a zartar da abin da mai da'awa ya zaɓa tun farko: ya toshe bidiyon, ko ya karɓi kuɗin tallansa, ko ya bar shi yana bin alƙalumansa.

A lissafa abin da wannan ke nufi a misalinmu. Minti 12 sakan 720 ne. Sakan 40 na Shata bai kai kashi 6 cikin 100 na bidiyon ba. Amma in aka yi da'awa aka zaɓi kuɗi, galibi rabonmu na tallan bidiyon gaba ɗaya ne zai tafi. Rubutunmu, muryarmu, kuɗin data da kwanakin da muka yi muna tacewa, duk sun tafi a kan abin da bai kai minti ɗaya ba. Manhajar ba ta san sharhi ba, ba ta san ado ba, dacewa kawai take gani.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ba ta san mai waƙa ba, wanda ya riga kowa rajista ta sani. Ƙa'idar YouTube ta ce kada a ɗora abin da ba a mallake shi kacokan ba, amma an sha karya ta. A Amurka an kama wasu mutum biyu masu kamfanin MediaMuv da suka yi da'awar mallakar waƙoƙi sama da 50,000, yawancinsu na mawaƙan Latin Amurka, suka kwashe fiye da dala miliyan 20 kafin a gurfanar da su a 2021. Abin da suka dogara da shi shi ne masu waƙoƙin ba sa sa ido. Tsofaffin kaset ɗinmu, da aka yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu ba takarda, irin wannan ganima ce. Haka ma wani zai iya ɗora wa waƙar gaɗa fiyano, ya yi mata rajista, gobe manhaja ta ce matan da suka gaje ta sun kwaikwaye shi. "Paul Campbell" ke nan ya dawo, wannan karon a cikin rumbun bayanai.

Ana iya gane da'awar da ba ta da tushe. A YouTube Studio ana nuna sunan waƙar da aka ce an ɗauka, sunan mai da'awa, da daidai wurin da abin ya faru a bidiyon. In sautin namu ne muka ɗauka, waƙar kuma ta girmi wanda aka ce shi ya tsara ta, akwai dalilin ƙalubalanta. Mai da'awa yana da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru da'awar ta faɗi. In an ƙalubalanta cikin kwana 5 na farko, ana riƙe kuɗin tun daga ranar da'awa har a warware, in an makara kuwa riƙon zai fara ne daga ranar ƙalubale. Amma a lura da wanda ke yanke hukunci a wannan mataki: shi mai da'awar ne. In ya ƙi, muka ɗaukaka, yana iya neman a sauke bidiyon, tashar ta sami gargaɗin da ake kira copyright strike, wanda ke ɗaukar kwana 90, kuma uku daga cikinsa suna iya rufe tasha. Don haka da'awar da ke kan waƙar gaɗarmu mu ƙalubalance ta da hujja. Wadda ke kan Shata kuwa ba mu da bakin magana, ko da muna zargin mai da'awar ba magajinsa ba ne, domin rashin gaskiyarsa bai ba mu izini ba. Abin yi shi ne a cire wurin da Trim out segment ko a sauya sautin da Replace song, sannan in da hali a sanar da iyalan mawaƙin cewa ga wani yana karɓar kuɗi da sunan mahaifinsu.

In kuwa waƙar muke so ta zauna, sai a nemi izini tun kafin a ɗora, kuma a rubuce. Takarda ɗaya ta isa, muddin ta faɗi wace waƙa ce da wane naɗi, sakan nawa, a wane bidiyo, cewa bidiyon zai kawo kuɗi, nawa aka biya ko wane kaso za a riƙa bayarwa, da kuma furucin mai sa hannu cewa yana da ikon bayarwa a madadin sauran magada. A ƙara da sharaɗi ɗaya da aka cika mantawa: in waƙar tana cikin Content ID, mai ita zai sa kamfanin da ke rarraba masa ya janye da'awa daga bidiyonmu. In ba haka ba, takarda tana aljihu, kuɗi suna tafiya wani wuri, domin manhaja ba ta karanta takarda.

Mawaƙanmu na dauri sun san ladabin aro. Da wuya makaɗi ya yi nisa a waƙa bai ambaci ubangidansa ko wanda ya koya masa ko garin da ya fito ba, mai sauraro kuma ya san cewa in ya ji daɗi sai ya yi kari. Ambato da biya tare suke tafiya a wannan al'ada. Mai bidiyon da ya ce waƙa ta gargajiya ce don kada ya biya ya ɗauki sunan al'adar ya bar ladabinta. Kafin a ce waƙa ba ta da uba, a tambayi tsofaffin garin da ta fito, a tambayi ma'aikatan gidan rediyon da ke da tsohon faifanta. Sau da yawa za a tarar sunan mai ita yana nan, 'ya'yansa ma suna nan, kuma sun san hanyar kasuwa da kuɗin makaranta kamar kowa.